Yadda Ake Rubuta Gajeren Jinga Kan Tsarin Kanti da Yanayinsa

Idan malamin darasin kasuwanci ya ba ka wannan jinga a shafi 2 ko 3, kada ka cika shi da labarin manyan kantunan ƙasar waje. Zaɓi kantin kayan masarufi guda ɗaya a cikin Katsina, ko a titin IBB ko wajen Ƙofar Ƙaura, ka nemi izinin mai shi.

Fara da zana taswirar kantin a takarda: ƙofa, kantoci, firji da teburin biyan kuɗi. Yawancin irin waɗannan kantuna layi-layi ake jera kantocinsu, domin tsarin yana cin kaya da yawa a ɗan wuri. Aibinsa shi ne mai saye yakan miƙe wurin abin da ya zo nema, ya ɗauka ya fita.

Daga nan sai ka samu gefe ka bi mutum 20 da ido, kana ja wa kowa layin hanyarsa a kan taswirar. Nan ne ƙashin bayan aikin. A ce burodi da ruwan sanyi suna bakin ƙofa, ka ga 14 ba su wuce kanta ta farko ba. To, sabulu da man shafawa da ke can ƙurya, mutum 6 kaɗai suka gan su. Shawararka ta fito ke nan: a mayar da burodin ciki, a jera madara, sukari da ganyen shayi a kan hanyarsa daidai tsayin ido, alewa kuma kusa da teburin biya. Amma ka faɗi iyakarta, don mai sauri zai iya ƙosawa ya koma shagon maƙwabci.

Sai yanayi. Philip Kotler, masanin harkar kasuwanci, a maƙalarsa ta 1973, ya kasa shi ta hanyar gani, ji, ƙamshi da taɓawa, har da zafi ko sanyin wuri. Binciken Ronald Milliman na 1982 ya nuna kiɗa mai tafiya a hankali yana rage saurin masu saye, ciniki ya ƙaru. Kawo su a jimla biyu, sannan ka auna su da abin da ka gani. A zafin Afrilu, fanka mai aiki ta fi kiɗa riƙe mutum, kuma ƙarar janareta a bakin ƙofa ko warin omo kusa da biskit suna korar ciniki.

Wajen rubutu, sakin layi ɗaya ya ishi gabatarwa, ka ba taswira da ƙidayarka mafi yawan fili. Rubuta rana da lokacin da ka je. Ƙidayar ƙarshen wata, bayan an yi albashi, ko ta jajibirin salla, ba ta nuna aikin tsarin kanti, don haka ka sake komawa a tsakiyar wata ka kwatanta.