Darasi na 9: Ranar ganawa da masu neman aiki

A ce ƙungiyarku a Marwa tana neman mai kula da siton dawa, mutum 8 suka nema. Kada ku sa ranar Litinin, ranar babbar kasuwa ce. Kada kuma ku kira su duka da ƙarfe 8, wani zai wuni a rana yana jira. Kowa da lokacinsa: minti 30 na ganawa, minti 15 na rubutu. Na farko 8:00, na biyu 8:45, na uku 9:30, sai a huta, a gana da biyu kafin 12:00. Sauran uku daga 2:00, bayan Azahar.

Mutum uku sun isa kwamiti. Shugaba ya yi maraba, ya duba agogo. Wanda ya san aikin sito ya yi tambayoyi, iri ɗaya ga kowa. Na uku marubuci ne. In ɗan'uwan wani ɗan kwamiti ya shigo, ɗan kwamitin ya faɗa, ya ba da wuri.

To, malam marubuci, a nan aka fi tuntuɓe. Kowane mai nema da takardarsa, sunansa a sama tun kafin ya zauna. Rubuta abin da ya faɗa, ra'ayinka ya jira.

Ga misali. An tambaya: "An ce buhu 40 aka kawo, ka ƙirga ka ga 38. Me za ka yi?" Wani marubuci zai sa: "Yana da hankali." Da yamma wannan ba zai tuna maka komai ba. Ga yadda ake so: "Ya ce zai sake ƙirgawa gaban direba, ya rubuta 38, direba ya sa hannu." Ka ga bambanci? Maganarsa ce, ba taka ba.

Hannunka bai yi sauri ba? Ba komai, kowa da haka ya fara. Kama kalma uku ko huɗu, ka cike sauran idan ya fita. Da Fulatanci ya amsa? Rubuta ma'anar da Hausa, amma dai abin da ya faɗa.

Yana fita, a rufe ƙofa, marubuci ya karanta, kowa ya ba da maki shi kaɗai: 1 bai gamsar ba, 2 ya yi, 3 ya yi sosai. Haba jama'a, ku daina cewa "ma tuna"! Ba za ku tuna ba. Kafin La'asar na biyu da na shida sun cakuɗe a kanku, sai a ɗauki wanda ya fi iya baki. A rubuta abin da ya faɗa, kafin na gaba ya shigo.

Bayan La'asar a tara maki, a duba takardu, a zaɓa. Takardun su kwana a akwati mai makulli. A sanar da duka 8 ɗin.

Aikin gida: yi wa maƙwabcinka tambayar buhunan, ka rubuto amsarsa.