Yadda na gyara rufe lissafin shekara

Na rufe littafin shagonmu na disamba amma jari ya ƙi daidaita, bambancin dubu 600 cif. Ciniki miliyan 5 ne, na zare shi ta debit wato ɓangaren hagu na asusu, kashe-kashe miliyan 3.8 (harda kuɗin sayen kaya) na zare ta kiredit wato ɓangaren dama, ribar miliyan 1.2 ta wuce asusun jarin maigida, duk wannan lafiya lau.

Ashe kuɗin da maigida ya ɗiba na cefanen gida ne, dubu 300, aka sa wa jari su a kiredit maimakon debit, shi ya sa bambancin ya ninka, in ka ga haka raba shi biyu ka nemi adadin kawai. Na soke shigarwar na juyata, jari ya ƙaru da dubu 900, ciniki da kashe-kashe suka shiga janairu da sifili.