Inshora ta ce mota ba ta gyaruwa: inda masu mota ke asarar kuɗinsu wajen ƙiyasta farashi

Idan mota ta yi mummunan hatsari, a ce a hanyar Ringim ko ta Gumel, kamfanin inshora yakan turo injiniyansa ya duba ta. In ya ga kuɗin gyara ya kusa kamo darajar motar, ko ya haura wani kaso da aka rubuta a yarjejeniya, sai ya ce a biya kuɗi kawai, a bar maganar gyara. Daga nan ne rigima ke farawa, domin abin da mai mota ke zato za a ba shi da abin da kamfanin zai rubuto ba su cika haɗuwa ba.

Kafin komai, wannan magana ta mai cikakkiyar inshora ce. Wadda yawancinmu muke yanka tare da takardun mota, ta naira 15,000 tun daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ta biyan ko sisi a kan taka motar.

Babban kuskure shi ne ɗaukar adadin da ke kan takardar inshora a matsayin alkawari. Wannan adadi iyaka ce da ba za a wuce ba. Abin da ake biya shi ne kuɗin da mota irin taka za ta yi a kasuwa dab da hatsarin, wato ƙirarta ɗaya, shekararta ɗaya, ta ci tafiya kamar taka, lafiyarta kamar ta taka. Sai a kwatanta wannan farashi da adadin takarda, a ɗauki ƙaramin. Mu ɗauki misali. Mutum ya yi wa Corolla ɗinsa inshorar miliyan 8, ya biya naira 400,000 a shekara, tunda NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora ta ƙasa, ta ce kada kuɗin cikakkiyar inshora ya gaza kashi 5 cikin ɗari na adadin da ke kan takarda. Injiniya ya zo ya ce darajarta miliyan 6 da rabi ce. To, daga miliyan 6 da rabi za a fara lissafi, kuma kuɗin da ya biya a kan sauran miliyan ɗaya da rabin ya tafi a banza.

Juyin wannan ya fi ciwo, kuma shi ya fi yawa a yanzu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin motoci ya yi sama, amma mutane da dama suna sabunta inshora a kan tsohon adadi don kada kuɗin shekara ya ƙaru. Motar da aka rubuta miliyan 4, ko da ta kai miliyan 7 a kasuwa ranar hatsarin, ba za a ba ka fiye da miliyan 4 ba. Maganin wannan sai kafin hatsari: duk lokacin sabuntawa ka tambayi dillalai nawa irin motarka take, ka sa a gyara adadin. In ma kamfanin zai yarda ku tsayar da farashi a rubuce tun farko, hakan ya fi, sai dai ka karanta ko akwai sharaɗin rage wani abu saboda tsufa.

Sai kuskuren karɓar adadin injiniya kamar hukuncin alƙali. Ƙiyasi ne ya yi, kuma ƙiyasi da hujja ake gyara shi. Ka nemi a nuna maka yadda aka kai ga adadin: wace shekara ya rubuta, da waɗanne motoci ya kwatanta. A nan ake yawan samun tuntuɓe. Wani lokaci takardun mota suna ɗauke da shekarar da ba ita ba ce, saboda wanda ya cike su ya rubuta abin da aka faɗa masa. Ka je ka leƙa lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekara: A na nufin 2010, B 2011, C 2012. A misalinmu, in injiniya ya lissafa ta a 2010 alhali harafin C ne, kana da abin da za ka tsaya a kai. Amma wuƙar tana yanka ta ko'ina. Wanda ya canja fitilu da bamba ya mayar da fuskar motarsa ta sabon yayi, shekarar shasi za a bi, ba ta fuska ba.

Shi ma mai mota yakan kawo hujjar da ba ta zauna ba. Zai shiga Kano ya tambayo farashin tokumbo da aka sauke jiya, alhali tasa ta yi shekara uku tana bin hanyar burji da damina. Da wadda aka hau a gida za a kwatanta ta. Kuma kuɗin da dillali ya fara yankawa ba shi ne kuɗin da ake sallamawa ba, kamfanin ma ya san haka. Abin da ke aiki shi ne takardun farashi daga dillalai biyu ko uku, a kan takardar shagonsu, da kwanan wata kusa da ranar hatsarin, kan mota mai shekara ɗaya da irin giya ɗaya. Ka haɗa da hotunan motar kafin hatsari, da rasit na duk babban aikin da ka yi, kamar canjin inji ko sababbin tayoyi daga Ƙofar Ruwa. Na san bakanikenmu na ƙauye ba ya rubuta rasit, amma ka roƙe shi ya rubuta ko a takardar makaranta ce, ya sa hannu da kwanan wata. Kada dai ka sa ran injin naira 900,000 zai ƙara 900,000 cif a kan farashi. Yana nuna motar lafiyayya ce, sai a ɗora ta a saman farashin irinta. Takardar kwastam ma ka nemo ta, musamman in motar ta shigo ta Nijar, domin motar da ba a biya wa fito ba kasuwa ma ba ta saye da daraja.

Bayan an tsayar da daraja, akwai cire-cire, kuma a nan mutane ke ganin an cuce su. Kusan kowace yarjejeniya tana da kason da mai mota ke ɗauka da kansa. A ce a taka kashi 10 ne. Daga miliyan 6 da rabi za a cire 650,000, saura 5,850,000. In ka kawo hujja aka ɗaga darajar zuwa 7,200,000, sai ka tashi da 6,480,000. Bambancin naira 630,000 ke nan, daga leƙa harafi ɗaya da zagayen dillalai.

Ita kuwa gawar motar, da zarar an biya ka cikakke ta zama ta kamfanin. Kada ka kwance batir ko tayoyi, kada ka sayar wa 'yan gwangwan, kada kuma ka bar ta a bakin titi yara su yi ta ɓalle-ɓalle. In kana so ka riƙe ta, za a yi mata kuɗi a cire daga naka: in an ce 1,200,000 ce, daga 6,480,000 sai ka karɓi 5,280,000. Kafin ka amince, ka kai mai gyaran jiki ya duba ko shasin ya lanƙwashe, don motar da ƙashinta ya karkace ba ta ƙara tafiya daidai, tayoyi kawai za ta yi ta ci.

Daga ƙarshe za a miƙo maka takardar sallama, wadda ke cewa ka karɓi adadin a matsayin cikakken biya. Bayan ka sa hannu, da wuya a sake buɗe maganar. In ba ka gamsu ba, ka rubuta wa kamfanin ƙin amincewarka, ka haɗa hujjojin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In abin ya ci tura, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koken masu inshora, kuma kamfanonin takaful ma a ƙarƙashinta suke.