Kurakuran da aka fi yi wajen zana Hajiya da lulluɓinta

Wani saurayi ya kawo mini hoton kakarsa nan Yamai, yana so in mayar da shi zane irin na katun, a buga a faɗin santimita 30 da tsawo 40, ya kai mata Tawa da sallar layya. Tsohuwa ce mai shekaru saba'in da wani abu, ta ɗaura kallabi, ta yafa gyale ruwan ƙasa a kai, da carbi a hannu. Na kwana biyu a kansa, na tura. Gwaggonsa ta duba a salula ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba Inna ba ce, wata amarya ce aka sa wa kayan Inna." Gaskiya ta faɗa. Kurakuran da na tafka a zanen nan su ne nake ta gani a aikin masu koyo.

Babban cikinsu yana wurin kai. Mai koyo yakan zana ƙwallon kai, sannan ya bi layinsa ya shafa launin gyale, sai lulluɓin ya fito kamar fentin da aka yi wa ƙwarya. Alhali ƙarƙashin gyalen nan akwai kitso, akwai kallabi da ƙullinsa, kowanne da kaurinsa. Gyaran shi ne a zana su bi da bi. A manhajar zane ta ibisPaint X nakan buɗe Layer guda, wato shimfiɗar zane mai zaman kanta, don ƙoƙon kai, idanu a daidai rabin tsawonsa, wani don kallabi, na uku don gyale, kowanne ya ɗan fita waje da na ƙasansa. Ƙullin kallabi yana tayar da gyale a inda yake, kuma wannan tudun kada a daidaita shi don kyau, domin kowace mace da ɗaurinta. Na Inna ya karkata hagu. Ni kuwa na miƙe shi tsakiya, na kuma ja kallabin baya har gashi ya leƙo a goshi, saboda hannuna ya saba da fuskokin katun ɗin waje. Matar da jikokinta ba su taɓa ganin gashinta a gaban baƙi ba, na fito mata da shi a hoton da za a rataya a falo. A duba hoton asali da kyau: inda bakin kallabi ya tsaya a goshi, ko kunne a rufe yake, ko wuya na bayyane. Abin da ta rufe a bar shi a rufe.

Daga nan sai faɗuwar tufa, kuma nan ne mutunci ya fi zubewa ba tare da mai zane ya nufa ba. Yawancin darussan da muke koyo da su suna koyar da inuwa mai bin surar jiki, to hannu sai ya sa inuwa ƙarƙashin ƙirji, ya matse kugu, hijabi har ƙasa ya koma kamar rigar da ta jiƙe. Mayafi ba jiki yake bi ba, rataye yake. Wuraren da yake rataya kaɗan ne: tsakar kai, haɓa idan an zagayo da shi, kafaɗu biyu, da hannu in an ɗaga. Daga waɗannan wuraren kaɗai layukan ninki za su taso, su gangara ƙasa suna buɗewa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Nakan cika surar duka da baƙi, in duba. In ta fito kamar rumbu, sama a tsuke ƙasa a buɗe, aiki ya yi. In na hango kugu, na koma baya.

Kowane yadi kuma da halinsa. Shadda mai sitaci tana karyewa da kusurwa, ninkinta kaɗan ne manya, da sheƙi a bakinsu. Gyale mai laushi ninkinsa sirara ne da yawa. Atamfa kuwa adonta yana yankewa a kowane ninki, ya ci gaba a ɗan goce. Wanda ya manna adon a miƙe daga kafaɗa zuwa ƙasa ya sa wa tsohuwa tabarma. In gyalen shara-shara ne, a rage hasken da ke ratsa shi, kada kafaɗa ta fito ta ciki.

Abin da ya mai da Inna amarya shi ne fuska. Na goge tamoji duka, na ƙara girman ido, na sa gashin ido da jan baki, na kuma haskaka fatar. Wasu kuma sukan yi akasin haka, su bi kowane layi da baƙin alƙalami har fuskar ta zama kamar ƙasar fadama da rani. A zane mai sauƙaƙe siffa, layi uku ko huɗu sun ɗauki shekaru: biyun da ke sauka daga gefen hanci zuwa baki, na gefen ido, da ɗan faɗawar kunci. A yi su da launin da ya ɗara fatar duhu, kaurinsu kamar rabin layin da ya zagaye fuska. Tsaga ba ta cikin wannan lissafi. A Adar da Gobir tsofaffi da yawa suna da aska a fuska, kuma ita ce shaidar gidansu, don haka a ƙirga ta a zana yadda take. In hoton bai nuna sosai ba, a tambayi dangi. Haka haƙorin Makka, in tana murmushi da shi.

Launin fata kuwa salula ce ke yaudarar mutum. Hoton da aka ɗauka da tsakar rana yakan wanke goshi da kunci, in ka tsinci launi daga nan ka yi wa baiwar Allah bilicin. Nakan ɗauko daga wuri uku, inuwar ƙarƙashin haɓa, gefen kunci, da ƙyallin goshi, in shimfiɗa na tsakiyan a matsayin asali. Inuwar da gyale ke jefawa a goshi nakan sa ta a Layer dabam da Multiply, saitin da ke duhunta launin da ke ƙasa, siririya, don ita ce ke nuna tufar a kan mutum take zaune.

Girman kai ma a yi hattara. Babban mutum tsawonsa kusan kai bakwai da rabi ne. Katun mai kai uku yana mai da kowa yaro, abin dariya. Ga kaka, a tsaya a rabin jiki, daga kai zuwa hannuwa, kuma a kalle ta daga daidai idonta ko ɗan ƙasa, kada daga sama kamar mai tsaye a kanta.

Akwai kuskuren da ba na alƙalami ba. Jikoki sukan turo hoton da aka ɗauka a tsakar gida, tsohuwa na shan iska ba lulluɓi, su ce ka ƙara mata. Ni nakan nemi wani hoton, wanda ta shirya aka ɗauka, in kuma tambaya ko ta san za a zana ta, domin akwai dattawan da ba sa son surarsu a bango saboda addini, kuma ba hurumin mai zane ba ne ya yi musu gardama. In mai takaba ce, cikin wata huɗu da kwana goman nan, ba kwalli ba lalle ba ɗan kunne. Kuma izinin rataya hoto a ɗaki dabam yake da izinin sa shi a shafinka na talla.

Na sake na Inna a pixel 3543 x 4724, wato ɗigo 300 a kowane inci a girman da aka nema, na tura ta WhatsApp a matsayin Document don kada ya matse shi. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ƙullin kallabin ya yi, amma carbin Inna baƙi ne, ba ruwan goro ba. Na gyara shi kafin a kai wurin bugu.