Yadda ake gano jiha da ƙaramar hukumar gari a taswira

Ɗalibina,

Fara da bayanin alamomi da ke gefen taswira, domin nan za ka bambance layin iyakar jiha da na ƙaramar hukuma. Galibi na jiha ya fi kauri.

Ɗauki Wudil. Sa yatsa kan ɗigon garin, ba kan rubutun sunansa ba, don rubutu yakan ƙetara iyaka. Matsa har ka ci karo da siririn layi, yankin da ya kewaye shi ne ƙaramar hukumar Wudil. Layi mai kauri kuma zai nuna maka tana Jihar Kano.

Amma duba shekarar bugu. Taswirar da ta girmi 1991 za ta sa maka Dutse a Kano, alhali yanzu babban birnin Jigawa ce.

Malaminka.