Yadda ake taƙaita wa mahaifi ripot kad ɗin yaro ba tare da an ruɗa shi ba

Idan aka miƙo maka ripot kad aka ce "duba mana ka gaya mana me yaron nan ya yi", kar ka fara karanto darussa goma sha uku ɗaya bayan ɗaya da makinsu, kafin ka kai na biyar mahaifin ya manta na farko, ƙarshe dai tambaya ɗaya zai maka, na nawa ya zo? Kuma fozishan shi ne abin da ya fi ƙarancin bayani a duk takardar.

Da farko ka zauna kai kaɗai da takardar na ɗan lokaci. Ka nemo jadawalin da makarantar ta rubuta na ma'anar maki, yawanci a ƙasa ko a bayan kati yake, saboda makin da wata makaranta ke kira ci, a wata faɗuwa ne. Sannan ka kalli kowane darasi kusa da abarej ɗin aji, wato matsakaicin makin da 'yan ajin suka samu, in katin yana da shi.

Ga misali. Yarinya ta samu 72 a Turanci, 58 a kimiyya, 48 a lissafi. Da ido za ka ce Turanci ne ƙarfinta, kimiyya kuwa da sauƙi-sauƙi. Amma abarej ɗin aji a Turanci 70 ne, kenan tana tafiya da jama'a ne kawai, a kimiyya kuma abarej 44 ne, wanda ya fi kowa ma 63 ya samu. To ashe 58 ɗin nan da ka raina ita ce abin yabo, da ita za ka fara.

Darasin da ke da rauni shi ne za ka ɓata wa lokaci. Ka raba makin gida biyu, na tes da aikin gida, da na jarabawar ƙarshen zango. A lissafinta tes 31 ne cikin 40, jarabawa kuma 17 cikin 60, shi ne ya ba da 48 ɗin. Wannan ba yarinyar da ba ta gane lissafi kwata-kwata ba ce, tana ganewa lokacin da ake koyarwa, sai an tara darussan zango gaba ɗaya take zubewa, ko dai ba ta bita, ko lokaci ke ƙure mata a ɗakin jarabawa, ko kuma akwai mai taya ta aikin gida fiye da kima. Katin ba zai gaya maka wanne ne ba, don haka kar ka zaɓi ɗaya ka faɗa wa mahaifi kamar ka tabbatar, tambaya ce da za a kai wa malamin lissafi. Da a ce akasin haka ne, tes ƙasa jarabawa sama, sai ka duba layin halartar makaranta, sau da yawa fashi ne ko rashin miƙa aiki. In akwai katin zangon baya ka ɗauko, 48 da ta taso daga 35 daban take da 48 da ta faɗo daga 61.

Sai bayanin malamai. Malamin aji shi ke ganin yaro kullum, nasa ya fi na shugaban makaranta nauyi, wanda galibi jimlar maki yake kallo ya rubuta kalma biyu. Irin su "za ta iya fiye da haka" kusan rabin aji ake rubuta wa, ka faɗe shi ka wuce. Amma in malami ya ambaci abu takamaimai, surutu a aji, makara, rashin kawo littafi, wannan ka isar da shi yadda yake, kar ka sassauta don tausayin yarinyar, kar kuma ka ƙara gishiri, don wani uban daga jin "surutu" ya gama yanke hukunci.

Abin da za ka faɗa bai wuce haka ba: "Baba, ta ci duka darussanta in ban da lissafi da ya rage mata maki biyu ta kai 50 ɗin da makarantar ke nema. Kimiyya ce ta fi ƙoƙari, tana cikin na gaba-gaba a aji. A lissafin tes ɗinta lafiya lau, jarabawar ce ta kayar da ita, kuma zangon baya 61 ta samu. Malamarsu ta ce tana da ladabi amma tana surutu a aji. Ina ganin a je a ga malamin lissafi, a roƙe shi ya nuna mana takardar jarabawar, mu ga ko tambayoyin ƙarshe ta bari ba ta taɓa ba."

In ya dage sai ya ji fozishan, ka gaya masa tare da yawan 'yan ajin, ta 12 cikin 45 ba ɗaya ba ne da ta 12 cikin 15.