Kurakuran matuƙa idan hadari ya tare hanyar sauka a Abuja

Daga watan Afrilu, idan hadari ya taso wa Abuja daga gabas da maraice, walƙiya ce ke tsorata fasinja. Shi kuwa matuƙi, abin da ya fi damunsa shi ne iskar da ke zubowa daga cikin hadarin, wadda ake kira maikurobas. Ruwa na sanyaya iska, ta yi nauyi, ta faɗo ta bugi ƙasa ta watsu ta kowane gefe, kamar an tuntsurar da bokitin ruwa a kan siminti. Faɗinta bai wuce kilomita 4 ba, kuma da wuya ta haura minti 15, amma tana iya saukowa da gudun ƙafa 6,000 a minti.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne rage wa injin wuta a farkon shiga. A ɗauka jirgi na gangarowa titi na 22 a filin Nnamdi Azikiwe da gudun not 140, kusan kilomita 260 a awa ke nan, yana ƙafa 500 sama da ƙasa, wato saura kamar daƙiƙa 40 ya taɓa titi. Abin da zai fara tarar da shi iska ce ta gaba. Sai allo ya nuna 160, jirgin ya ɗaga sama da layin gangarowa. Hannu ya saba, nan take yake so ya ja wuta baya ya kwantar da hanci don gudu ya koma 140. To, nan ne tarkon yake. Yana kaiwa tsakiya iskar za ta danna shi ƙasa, yana fita kuma ta juyo ta bayansa. Daga not 20 ta gaba zuwa 20 ta baya an yi asarar 40 ke nan, gudu ya doshi 100, inda fikafikai ba sa iya riƙe babban jirgi. Injin da aka kwantar kuma sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya farfaɗo, ga ƙasa ta matso.

Gyaran shi ne a ɗauki ƙarin gudun da ba a nema ba a matsayin gargaɗi. Ma'aunin da ake koyarwa a ƙasa da ƙafa 1,000 a fili yake: gudu ya sauya da not 15, ko saurin gangarowa ya sauya da ƙafa 500 a minti, ko hanci ya motsa da digiri 5, to a fasa sauka. Aikin matuƙin da ba ya riƙe da sitiyari ne ya faɗa da ƙarfi, ko da wanda ke tuƙin ya girme shi. Kunyar babba ba ta da wuri a nan.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar kuɓuta daga wannan iska kamar fasa sauka na yau da kullum, inda ake ɗage taya a rage filaf, wato ƙarin fiffiken da ake zarowa lokacin sauka. Idan na'ura ta yi kiran WINDSHEAR, wato gargaɗin juyawar iska, ba a taɓa taya ko filaf sai an fita, domin janye filaf na rage ɗagawa a daidai lokacin da ake nemanta. A danna maɓallin fasa sauka na TOGA a ba injina wuta duka, a daidaita fikafikai, a rufe birkin iska, a ɗaga hanci zuwa kamar digiri 15 a jiragen Boeing. Gudu zai ragu, kuma zuciya za ta ce a sunkuyar da hanci a nemo shi. Kada a yi. Idan jirgi na ci gaba da nutsewa, a ƙara ɗagawa sannu a hankali, iyakarta inda sitiyari ya fara karkarwar gargaɗi.

Akwai kuma masu dogara da cewa jirgin da ke gabansu ya sauka lafiya. Iskar da ke kai ƙarfinta cikin 'yan mintuna ba ta bar wa wannan hujja daraja ba. Haka ma rada, ɗigon ruwa take nunawa, don haka gefen hadari na iya zama fes a allo alhali iskar na nan. Ƙura da ke tashi a zobe a ƙasa, ko ruwan da ke zubowa ya ƙafe bai iso ƙasa ba, duk alamu ne.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne nacewa sai an sauka. Ranar 10 ga Disamba 2005, jirgin Sosoliso da ya tashi daga Abuja ya iske hadari a Fatakwal. Bincike ya nuna matuƙan sun gangara ƙasa da tsayin da ya kamata su yanke shawara ba tare da sun ga titi ba, suka makara wajen fasawa, ga iska tana juyawa. Mutum 108 suka rasu, cikinsu har da ɗalibai 60 na makarantar Loyola ta Abuja. Allah ya jiƙansu.

Wannan shawara tun kafin a fara gangarowa ake yanke ta. A duba rahoton hukumar yanayi ta NiMet, a lissafa man da zai ishi jira a sama na minti 20 ko 30, a kuma tsayar da inda za a karkata, Kaduna ko Kano. Wanda ya ci karo da iskar kuma ya gaya wa hasumiya nan take: not nawa ya rasa, a wane tsayi, da irin jirginsa.